Neman wakilcin babban kamfani a arewacin Kamaru: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin 'yan kasuwar Garwa, Marwa da Ngaundere masu son rubuta wa babban kamfani takardar tayi, suna neman a ba su wakilcin kayansa su kaɗai a yankinsu. An ɗauki misali guda, sabulun wanki da ake yi a wata masana'anta a Duwala, an bi shi daga farko har ƙarshe. Farashin da ke cikin misalin na gwaji ne domin a ga yadda lissafi ke tafiya, kowa ya sa nasa alƙaluman na gaskiya a madadinsu.

1. Mene ne ainihin abin da nake nema idan na ce a ba ni wakilci ni kaɗai?

Kana neman kamfani ya ɗaure hannunsa ne. Zai yi alkawari a rubuce cewa a cikin yanki kaza, har zuwa lokaci kaza, ba zai sayar wa wani ɗan sari kayan nan ba sai kai. Kai kuma za ka riƙa sayen kayan da kuɗinka, su zama naka, ka sayar da sunanka, ribarka ita ce ratar da ke tsakanin farashin saye da na sayarwa. Idan kaya suka kwanta a sito ko mai bashi ya gudu, asarar taka ce.

Ka lura da abin da kamfanin zai rasa. Yau yana da 'yan sari huɗu ko biyar a Garwa da ke zuwa da kuɗi a hannu, idan ɗaya ya gaza sauran suna nan. Kai kuma ka zo kana cewa ya sallame su ya rataya arewa duka a wuyan mutum guda. Duk takardar tayin amsa ce ga tambaya ɗaya da daraktan ciniki zai yi a ransa: me zan samu a madadin wannan kasada?

2. Akwai bambanci tsakanin wannan da dillanci, wato in sayar musu su ba ni kamasho?

Akwai, kuma doka ma ta raba su. Kamaru da Chadi duk suna bin dokokin kasuwanci na OHADA, ƙungiyar ƙasashen Afirka da suka haɗa dokar kasuwancinsu ta zama ɗaya. Dokar kasuwanci ta bai-ɗaya da aka sabunta a 2010 ta yi wa wakili mai kamasho tanadi na musamman, har da wa'adin sanarwa da diyya idan aka sallame shi ba da laifinsa ba. Mai saye ya sayar kuwa bai shiga cikin wannan tanadi ba, abin da ya rubuta a yarjejeniyarsa shi ne garkuwarsa. Shi ya sa tambaya ta 13 take da nauyi a kanka fiye da yadda take a kan mai kamasho.

Idan jarinka bai kai abin da lissafin tambaya ta 7 ya nuna ba, dillancin kamasho na shekara guda hanya ce mai kyau ta shiga gidan. Sai dai ka faɗi wanda kake nema ɓaro-ɓaro a sakin layi na farko, kada ka gauraya su.

3. Waɗanne takardu ya kamata in mallaka kafin in tunkare su?

Rajistar kasuwanci ta RCCM, lambar haraji ta NIU, takardar da ke nuna ba a bin ka bashin haraji, da asusun banki da sunan kasuwancin, ba da sunanka ba. Babban kamfani ya fi sakin jiki da kamfani mai rajista irin SARL fiye da mutum tilo, kuma a Kamaru ana iya kafa shi da jarin da bai gaza sefa 100,000 ba ta CFCE, ofishin da ake rajistar sabbin kamfanoni.

Abin da ya fi ba mutanenmu wahala shi ne bayanan banki. Alhaji yana juya miliyoyi a kasuwa, amma komai hannu da hannu, littafi ɗaya a aljihun babbar riga. Mutumin Duwala ba zai ga amanar da kasuwa ta san ka da ita ba, takardar banki kawai zai gani. Wanda ke da niyyar neman wakilci baɗi, tun bana ya fara bi da cinikinsa ta asusu, domin ya samu bayanan wata goma sha biyu da za su yi magana a madadinsa.

4. Wa zan aika wa, kuma da wane harshe?

Da Faransanci, mai tsabta, ko da kuwa sai ka biya wanda ya iya ya gyara maka. A rubuta wa daraktan ciniki. Amma kafin takarda ta bar hannunka, ka zauna da jami'in kamfanin da ke kula da arewa, wanda galibi yana zaune a Garwa ko yana zagayowa. Shi za a fara tambaya ko ya san ka. Idan ya fara jin labarin daga bakin maigidansa, zai ɗauka ka tsallake shi ne, kuma kalma ɗaya daga gare shi ta isa ta kwantar da takardarka a aljihun tebur.

5. Me takardar za ta ƙunsa, kuma tsawonta nawa?

Shafi uku zuwa biyar sun isa, sauran a liƙa su a baya a matsayin hujja. Shafin farko ya faɗi abu huɗu kai tsaye: wane kaya, wane yanki, adadin da za ka ɗauka, da tsawon lokaci. Yawancin takardun da ake watsarwa suna buɗewa ne da tarihin gidan mai nema da yabon kamfani, sai a shafi na uku ake gane abin da ake so.

Sashen da ke sa a kira ka shi ne wanda ke nuna musu abin da ba su sani ba game da kayansu. Kafin ka rubuta, ɗauki littafi ka zaga. Ka shiga babbar kasuwar Garwa, ka je Pitowa ranar Lahadi, ka leƙa Ngong, Lagdo, Figil da Gidar. A kowane wuri ka ƙirga shagunan da ke sayar da sabulu, nawa ne a ciki ke da nasu, nawa suke sayar da shi, kuma na wa ne ya cika kanta. Ka tambayi mai shago yaushe rabon da a kawo masa. Sai ka rubuta, a misali, cewa cikin shaguna 60 da ka shiga a Gidar da Figil 14 kaɗai ke da kayansu, kuma masu shagon sun ce sai sun je Garwa da kansu suke samu. Wannan jimla ɗaya ta fi shafi biyu na alkawari, domin ta nuna musu kuɗin da ke zuba a ƙasa, ta kuma nuna cewa ƙafarka ta taka wurin.

Bayan haka sai abin da kake da shi: girman sito da inda yake, da hoto, motoci da babura masu ƙafa uku, yawan yaran da ke fita kai kaya da ranar da kowa ke bin kowace kasuwa, sunayen manyan kwastomominka. A ƙarshe sai abin da kake nema daga gare su. Kada ka ce kana da mota uku alhali ɗaya ta ƙaninka ce, ɗaya kuma tana gareji, domin za su turo mutum ya duba.

6. Wane yanki zan nema? Ba gara in nemi arewa duka ba tun da wuri?

A'a. Arewar nan jihohi uku ce, Adamawa, Arewa da Arewa Mai Nisa, kuma daga Garwa zuwa Marwa kaɗai ya haura kilomita 200, balle Kuseri. Wanda ya nemi duka da mota biyu ya nuna wa kamfani cewa bai san aikin ba. Idan ma aka ba shi, adadin da za a ɗora masa zai yi daidai da faɗin yankin, ya kasa a wata shida, a karɓe duka.

Ka nemi inda motarka ke iya zuwa ta dawo a wuni ɗaya ko biyu, ka kira shi da sunan da gwamnati ta san shi. Ga mai sito a Garwa, wannan na nufin Benuwe da Mayo-Luti. Sai ka ƙara sharaɗi cewa idan ka cika adadin shekarar farko, kai za a fara yi wa tayin Faro da Mayo-Rey. Kalmomi irin “Garwa da kewaye” ba su da iyaka, kuma duk abin da ba shi da iyaka a takarda, babban ne zai fassara shi ranar rigima.

7. Yaya zan lissafa adadin da zan yi alkawarin ɗauka da jarin da nake bukata?

Nan ne gizo ke saƙar, don haka bari a bi shi a hankali. A ce katan ɗin sabulu a bakin masana'anta sefa 20,000 ne, tirela na ɗaukar katan 1,200, wato miliyan 24. Kuɗin mota daga Duwala zuwa Garwa miliyan ɗaya da rabi, wato 1,250 a kan kowane katan. Lebura 100, kai kaya kasuwanni 350. Idan kana sayarwa 22,500, ratar 2,500 da ka gani da farko ta koma 800. Tirela guda ta bar maka 960,000. An bar harajin TVA a gefe domin sauƙi. A Kamaru kashi 19.25 ne cikin ɗari, kuma dole ka tabbatar ko farashin da aka faɗa maka da shi ne ko ba shi.

Yanzu ka cire abin da ba ya jiran ciniki: hayar sito, mai gadi, albashi, wuta, a ce 700,000 a wata. Da tirela ɗaya a wata, 260,000 ya rage. Idan kashi ɗaya tak cikin ɗari na cinikin ya salwanta ta hanyar bashin da bai dawo ba ko katan da ruwa ya taɓa, 270,000 ke nan, ka yi aikin banza har da ciko. Da tirela biyu kuwa, bayan an cire komai har da wannan asara, 680,000 za su rage. Ashe wakilcin nan ba ya ciyar da mai shi sai daga tirela biyu a wata.

Sai jari. Mutane suna ganin miliyan 24 na tirelar farko shi ne abin da ake bukata, amma kuɗi ba ya dawowa ranar da kaya suka iso. Ka biya kafin a yi lodi, mota ta yi kwana 7 a hanya, kaya su yi kwana 20 a sito, masu shago su riƙe kuɗinka kwana 14. Kwana 41 ke nan. Tirela biyu a wata da kuɗin motarsu miliyan 51 ne, wato miliyan 1.7 a kowace rana, kuma idan ka ninka sau 41 za ka ga kusan miliyan 70 ne ke kwance a hanya, a sito da hannun mutane a kowane lokaci. Wanda ba shi da wannan, ko hanyar rage shi kamar yadda tambaya ta 8 ta nuna, zai kai wata na uku sito babu kaya, aljihu babu kuɗin lodi.

8. Zan iya neman su ba ni kaya bashi?

Za ka iya, amma ba hannu rabbana ba. Kamfani ba ya ba baƙo miliyan 24 a kan kyakkyawar fuska. Abin da ake yi shi ne ka kawo lamunin banki: bankinka ya rubuta musu cewa idan ka kasa biya shi zai biya har zuwa adadi kaza. Bankin kuma zai nemi jingina, galibi takardar mallakar fili ko gida ko kuɗin da aka ajiye, ya kuma caje ka lada a kai. Ka je banki ka ji sharuɗɗansu kafin ka rubuta tayi, domin ka iya cewa bankinka ya amince da adadi kaza.

A misalinmu, wa'adin biya na kwana 30 zai sauke miliyan 48 daga wuyanka, jarin da ake bukata ya dawo wajen miliyan 22. Tsari mai karɓuwa shi ne ka ce tirela uku na farko kuɗi a hannu, daga nan a buɗe maka wa'adi. Wanda ke ƙyamar abin da ya shafi ruwa, ya zauna da malaminsa da bankinsa tun da wuri a kan yadda ladan lamunin yake, kada sai an kai ga sa hannu.

9. Adadi ɗaya zan sa a kowane wata?

Kada ka yarda. Kasuwar arewa ba ta tafiya a miƙe. Da damina, musamman Agusta da Satumba, hanyoyin ƙauye suna yankewa, hannun manomi kuma ya bushe. Bayan kaka, idan aka fara biyan kuɗin auduga a yankunan da SODECOTON ke saye, ciniki yakan farka, haka ma gabanin azumi da salla. Ka nemi a auna ka da adadin shekara, ko na wata uku-uku, ka zana musu wane lokaci ne zai yi ƙasa da dalili. Ka kuma sa cewa duk watan da kamfani ya kasa ba ka kayan da ka yi oda, za a rage shi daga abin da ake bin ka. Ba adalci ba ne a hukunta ka saboda injinsu ya tsaya.

10. Idan an ba ni, me zai hana wani ya kwaso kayan daga Duwala ya zo ya karya min farashi?

Takarda ba za ta hana shi ba, kuma gara ka san haka tun yanzu. Alkawarin yana tsakaninka da kamfani ne kawai. Ɗan sarin da ya sayi kaya a hannun babban dila a Duwala ko Yawunde, ya cusa katan 200 a motar da ta kai albasa ko shanu kudu tana dawowa, bai karya wata yarjejeniya ba, kuma kuɗin motarsa ya fi naka sauƙi. Alamar farko ita ce kwastoman da ke ɗaukar katan 30 duk mako ya koma 10, alhali kantarsa cike take.

Maganinsa yana cikin farashi. Ka nema a cikin tayin cewa kamfani ya kawo maka kaya har Garwa a farashi ɗaya da na Duwala, ko ya ɗauki wani kaso na kuɗin mota. A misalinmu, ko rabin 1,250 suka ɗauka, wanda ya sayi kaya a hannu na biyu a kudu ba shi da sauran rata mai yawa. Ka kuma nemi a riƙa ba ka lambar rukunin da ake bugawa a jikin katan na kowane lodi, domin idan ka tsinci wata lamba daban a Pitowa ka ɗauki hoto, su gano dilan da ya zubo, su ja masa kunne.

Akwai kuma kayan Najeriya. Duk lokacin da naira ta faɗi, kamar yadda ta yi bayan Yunin 2023, sabulu da makamantansa sukan kwararo ta iyaka da araha. Wannan ba laifin kamfani ba ne, ba naka ba ne, amma ya kamata tayin ya ce idan haka ta faru za a zauna a sake duba adadi da farashi.

11. Su kuma za su hana ni sayar da kayan wasu?

Kusan tabbas za su nema. Ka yarda a kan kayan da ke gogayya da nasu kai tsaye kawai, wato sabulun wanki a misalinmu, ba shinkafa, mai da sukari ba. Sauran hajar ce ke taya ka biyan hayar sito da man mota. Kafin ka yarda, ka lissafa ribar da kake samu yau daga sabulun wasu, domin ita ce kuɗin da kake biya na wakilcin.

Ka kuma duba ko sun keɓe wa kansu wasu kwastomomi, irin manyan kantuna, hukumomi ko ƙungiyoyin agaji. Idan sun keɓe, a jera sunayensu a rubuce, ka nemi ɗan lada a kan abin da suka sayar cikin yankinka. Batun farashin da za ka sayar kuwa, a bar shi a matsayin shawara. Kamaru na da dokar gogayyar kasuwanci tun 1998 da ke sa ido a kan haɗa baki wajen ƙayyade farashi, don haka lauya ya duba wannan sashen.

12. Zan iya haɗa Chadi a cikin tayin?

Kuɗi ɗaya ne, dokar OHADA ɗaya ce, kuma mutanen Lere da Njamena suna saye a hannunmu tun kaka da kakanni. Amma ƙasa daban ce, da kwastan ɗinta da harajinta, kuma mai yiwuwa kamfanin yana da wakili a can. Kada ka sa ta a tayin farko. Abin da ya kamata ka fayyace shi ne ko an yarda ka sayar wa ɗan Chadin da ya zo sitonka da ƙafarsa, domin idan wakilin Njamena ya kai ƙara cewa kayanka na tsallaka gadar Ngeli, wannan layin ne zai cece ka.

13. Na gina kasuwa, sai su karɓe su ba wani ko su buɗe nasu sito. Yaya zan kare kaina?

Hakan na faruwa, kuma sau da yawa wanda ya yi nasara yake samu, domin shi ne ya nuna musu cewa akwai kuɗi a wurin. Tun da doka ba ta yi maka tanadin diyya irin na mai kamasho ba (duba tambaya ta 2), tun a takardar tayi za ka fara shimfiɗa sharuɗɗan rabuwa. Ka ba da gwajin wata shida, wanda zai sa su saki jiki, amma da sharaɗin cewa idan ka cika adadin da aka amince, yarjejeniyar za ta zarce shekara biyu ko uku ba tare da sabon ciniki ba. Tsawon ya yi daidai da lokacin da motar da ka saya saboda su za ta mayar da kuɗinta.

Sai abu uku a rubuce. Wa'adin sanarwa, wata uku zuwa shida, domin ka samu tattara bashin da ke hannun masu shago, waɗanda da zarar sun ji an karɓe maka wakilci sukan fara jan ƙafa. Sayen sauran kayan da ke sito a farashin da ka saye su har da kuɗin mota. Da ranar da za a maido maka da takardar lamunin banki, in ba haka ba filinka zai ci gaba da zama a jingine bayan an rabu. Ka kuma nemi cewa idan ka gaza adadi sau ɗaya, a fara da gargaɗi a rubuce da damar gyara, ko a mayar da kai dila cikin dilolin yankin, maimakon yankewa gaba ɗaya.

Ka duba inda aka ce za a kai shari'a. Idan takardar ta ce kotun Duwala, duk zama sai ka yi tafiyar fiye da kilomita 1,000. Ka nemi a fara da zaman sulhu na kwana 30 a Garwa kafin kowa ya je kotu, kuma kada ka sa hannu a ranar da aka miƙo maka daftarin. Ka kai wa lauyan da kai ka biya ya karanta shi layi-layi.